Ciwon gefen dama na mara: afendis ne ko taifod?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ƙanwata 'yar shekara 23, matar aure, tun jiya take fama da ciwon ciki a ƙasa, gefen dama. Mai kemis ya ce taifod ce, ya ba ta magani, amma babu sauƙi. Muna wani ƙauye a gefen Talata Mafara. Ko afendis ne?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ba ta lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɗakin tiyata a nan Gusau. Ku kai ta asibitin da ake yin tiyata yau, kada ku kwana. Kafin ku isa kada ta ci komai, kada ta sha, kuma kada kowa ya ba ta maganin wankin ciki ko jiƙo.

A hanya ka tambaye ta: a ina ciwon ya fara? Afendis yana da tsarin da yake bi. Yakan fara a kewayen cibiya, wani irin murɗa da mutum ba ya iya nuna wurinsa. Sai abinci ya fita daga ransa, sai tashin zuciya ko amai sau ɗaya ko biyu. Cikin awa 12 zuwa 24 ciwon ya sauko dama ya tsaya wuri guda, har ya iya ɗora yatsa ɗaya ya ce "nan ne". Wurin kuwa, idan ka ja layi daga ƙashin ƙugu na dama da ya fito ta gaba zuwa cibiya, yana kashi ɗaya cikin uku daga ƙashin. Zazzaɓi daga baya yake zuwa, kuma ba mai zafi ba, wajen digiri 38. Tari yana ƙara ciwon, haka idan mota ta faɗa rami.

Taifod akasin haka take. Zazzaɓi ne ke riga, da ciwon kai da kasala na kwanaki, ciwon cikin ya biyo baya. Idan za ta huda hanji, yawanci sai a mako na biyu ko na uku. Gwajin jini na Widal da ake dogara da shi wajen gano taifod kuwa, a ƙasarmu mai lafiya garau ma yana iya nuna masa taifod.

Akwai wani saurayi ɗan shekara 19 da ba na mantawa. Ranar Talata ciwo ya kama shi a cibiya, Laraba ya koma dama, aka yi masa allura a kemis da sunan taifod. Daren Alhamis ya ce ya ji sauƙi, har ya sha kunu, iyaye suka yi hamdala. Ashe lokacin ne abin ya fashe, shi ya sa matsin ya ragu. Safiyar Juma'a aka shigo da shi a kwance, gwiwoyi a naɗe, ciki ya ƙage kamar katako, ko numfashi mai ƙarfi ba ya so. Aikin da da an yi shi Laraba ɗan ƙaramin yanka ne da kwana biyu ko uku a gado, ya zama buɗe ciki a wanke mugunya, ya yi fiye da mako biyu a wurinmu. Hatsarin fashewa yana ƙaruwa sosai idan an wuce awa 36 zuwa 48, ita kuma ƙanwarka tun jiya take ƙirga nata.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ka ce matar aure ce. Ka sa wata mace a gidan ta tambaye ta yaushe rabonta da al'ada, domin kai ba za ta faɗa maka ba. Ciki yana iya zama a bututun mahaifa maimakon cikin mahaifar, kuma idan a dama ne, ciwonsa kamar na afendis. Yakan bayyana a mako na 6 zuwa 8, wani lokaci da ɗan ɗigon jini da mace za ta ɗauka al'ada ce. Idan bututun ya fashe, jini a cikin ciki yake zuba inda ido ba ya gani. Jiri idan ta miƙe, fari a tafin hannu da cikin ido, gumi mai sanyi, ko ciwo a saman kafaɗa, ko ɗaya kuka gani, a wuce da ita gaba a layi. Gwajin ciki na fitsari minti biyar ne, ku roƙa a fara da shi ko da ta ce ba ta da komai.

Tsakuwar ƙoda ma tana ruɗa mutane, sai dai mai ita ba ya iya kwanciya wuri ɗaya, birgima yake yi, ciwon yana tasowa daga kwiɓi zuwa matsematsi. Mai afendis kuwa lamo yake yi, ba ya son a taɓa ko gadon.

Idan an yi hoton ciki aka ce ba a ga afendis ba, ba shi ke nan an wanke shi ba. Iskar hanji takan ɓoye shi. Likita yana iya kwantar da ita ya sa mata ƙarin ruwa, ya riƙa taɓa cikin bayan 'yan awoyi. Ku yarda. Ku tafi da kwalin maganin da mai kemis ya bayar, da wani ɗan'uwa ɗaya ko biyu da za su iya ba da jini idan an buƙata.