Bututu ya yi yoyo, bil ya kumbura: wasiƙar da na rubuta

"Yaya, ina shirin tahowa karatu, zan kama haya. Na ji ka taɓa rigima da kamfanin ruwa kan bil. Me ka rubuta musu har suka rage?"

Ƙanena, ko biza ba ka samu ba ka fara tambayar bil! Amma gara da ka tambaya, don ni sai da na ji a jikina.

Na saba shan kubik mita 9 a wata, wato 27 a wata uku. Sai ga takarda da 140. Bututun da ke tsakanin mita da gida ne ya tsage a ƙarƙashin ƙasa, ko danshi ban gani ba. Rarar 113 ɗin nan lita 113,000 ce, amma in ka raba ta kwana 90, ba ta kai lita ɗaya a minti ba. Na gane ne da na rufe duk famfunan gidan, na tsuguna gaban mita da tocila, na ga allurar tana ta juyawa abinta.

Kuskurena na farko, waya na buga ina faɗa. Matar da ta ɗauki wayar ta saurare ni tsaf, sannan ta ce duk ruwan da ya wuce mita ni zan biya. Ya yi min ciwo, kuma gaskiyarta. Saboda haka kada ka rubuta cewa sun cuce ka. Mita ba ta yi ƙarya ba. Rangwamen yoyo za ka nema.

A wasiƙar na sa lambar asusuna da ta mita, ranar da na gano yoyon, da ranar gyara, na haɗa da rasit ɗin mai gyaran famfo wanda ya rubuta ainihin inda ya fashe. Abin da ya fi aiki hotuna biyu ne: mita na nuna 612 ranar gyara, 616 bayan kwana 14. Kubik 4 a mako biyu, daidai da yadda na saba. Sai na ce: "Ina roƙon a sake lissafin wata ukun bisa abin da na saba amfani da shi, a kuma cire kuɗin ruwan datti daga rarar, tunda ƙasa ta shanye shi, bai bi magudanarku ba." Wannan na ƙarshen mutane da yawa ba su san da shi ba.

Kada ka daina biya don fushi. Na biya abin da na saba, na nemi a dakatar da sauran a rubuce. Kada kuma ka yi jinkirin gyara, da shi za su kafa hujja. In yoyon na tankin masai ne, kada ka sa rai sosai. Kai da za ka zauna haya, bututun galibi na mai gida ne, amma in sunanka ke kan bil, kai za a bi. Ranar da aka ba ka makulli, ɗauki hoton mita kafin ka ajiye jaka.