Nawa zan ce idan suka tambaye ni albashi?

"Assalamu alaikum. Ni akanta ne a Manchester, shekarata uku a aikin. Wani kamfani ya kira ni ganawa, kuma na san za su tambayi albashin da nake so. Ina tsoron in yi wa kaina arha, ina kuma tsoron in kore su da tsada."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ranar, ka ware yamma ɗaya ka tattara tallan aiki goma sha ɗaya waɗanda suka rubuta albashi ƙarara. Su kasance na garinku, na watanni ukun nan, masu neman gogewa irin taka. Kada sunan muƙami ya ruɗe ka, ka karanta ayyukan da aka lissafa, domin wani akantan shigar da rasit yake yi, wani kuwa shi ke rufe lissafin wata. Na Landan ka ajiye su gefe, tsadar rayuwarta tana cikin kuɗinta.

A kowane talla ka ɗauki tsakiyar abin da aka sa. Idan an ce fam 30,000 zuwa 34,000 a shekara, ka rubuta 32,000. Sannan ka duba awanni, a nan ne na fi ganin mutanenmu suna cutuwa. Fam 32,000 a kan awa 40 a mako daidai yake da 30,000 a kan awa 37.5. Inda ka ga "OTE", an haɗa da ladan da sai an cimma wani adadi ake samu. Inda ka ga "pro rata", kuɗin cikakken lokaci aka rubuta, kai kuwa gwargwadon awanninka za a biya ka.

Yanzu ka jera su daga ƙarami zuwa babba. Na shida shi ne tsakiya. A ce ya faɗo a 32,000, na uku 30,000, na tara 35,000: to kasuwarka ke nan. Na fi son wannan a kan haɗawa a raba, saboda talla ɗaya mai tsoka sai ya ja lissafin sama ya yaudare ka.

Sai ka gwada da binciken ASHE da hukumar ƙididdiga ta Birtaniya, wato ONS, ke fitarwa duk shekara, wanda ke nuna albashin tsakiya na kowace sana'a. Alƙalumansa na watan Afrilu ne, kuma ya haɗa sabon shiga da tsohon hannu, don haka ba sai ya zo daidai da naka ba. Amma idan tazarar ta yi yawa, koma ka duba, wataƙila ka cakuɗa muƙamai biyu.

Idan lissafinka ya fito kamar misalin nan, ranar ganawa ka ce 33,000 zuwa 35,000, ka faɗi inda ka samo su. Kada ka fara da 30,000, domin ƙasan abin da ka ambata suka fi riƙewa.