Me zan rubuta a saman CV maimakon cewa ni mai ƙwazo ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da HND a fannin akanta, na gama bautar ƙasa, kuma shekara uku ke nan ina riƙe da littafin kaya a shagon wani ɗan sari a kasuwar Singa. Na tura CV wurare da dama, ko kira ɗaya ban samu ba. Wani ya duba ya ce taƙaitaccen bayanin da ke sama ne matsalar, domin "hard-working team player" na rubuta da ire-irensa. Mai shagon kwamfutar da ya buga min kuma ya ce in sa cewa na ƙara ciniki da kashi 40 cikin ɗari, wai haka kowa yake yi. Yanzu ga wani kamfani a Sharada yana neman mai kula da sito, ina tsoron kada wannan ma ta wuce ni. Me zan rubuta?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, abin da kake nema yana cikin littafin nan da kake riƙe da shi, ba ka dai fito da shi ba ne. Wanda ya duba maka ya yi gaskiya. Ga hanyar da za ka gwada kowace jimla da ke cikin bayanin naka: in abokinka da kuka gama makaranta tare zai iya kwafe ta ya sa a tasa takardar ba tare da ya canza ko kalma ɗaya ba, to jimlar ba ta faɗi komai a kanka ba, goge ta. Mai ƙwazo, mai son aiki da jama'a, mai gaskiya da riƙon amana, duk babu wadda za ta tsallake wannan gwaji. Mai tace takardu ya riga ya gan su a takarda ta farko da ta goma da ta hamsin, idonsa wucewa kawai yake yi ta kansu. Gani ya kori ji: shi abin da ƙwazon naka ya haifar yake so ya gani, sai ya yanke hukunci da kansa.

Ka ɗauki biro da takarda, ka rubuta kalmar ƙwazo a sama, a ƙasanta ka amsa tambayoyi uku. Me nake yi da hannuna a shagon nan? Yawansa nawa, kuma sau nawa nake yi? Me ya canza bayan na fara? Ba ka ba ni lambobinka ba, don haka zan yi misali da wasu, kai kuma ka musanya su da na gaskiya. A ce shagon yana da kaya iri 120, tun daga taliya da sukari har sabulu da man girki. A ce kana ƙirga sito duk ƙarshen wata, kana gwada abin da ka ƙirga da abin da ke littafi. A ce lokacin da ka zo akan rasa katan wajen 15 a wata tsakanin littafi da sito, sai ka kawo tsarin kada katan ya fita sai da rasiti mai lamba, yanzu giɓin bai wuce katan 3 ba. Duk wannan ƙwazo ne, alhali ko sau ɗaya ba ka ambaci kalmar ba.

Aiki da jama'a ma haka za ka yi masa. Su wa kake aiki da su, kuma mene ne naka a ciki? In kai ne kake tsara wa 'yan dako huɗu da direbobi biyu wanda za a fara yi wa lodi domin motoci su fita kafin ƙarfe goma, rubuta haka. In ka koya wa sababbin yara biyu cike littafi har suna iya riƙe shi ranar da ba ka nan, wannan ta fi ƙarfi, domin tana nuna ana iya ba ka mutane. Abin da za ka kiyaye shi ne kalmar "mun". Mu Hausawa mun tashi da jin cewa yabon kai jahilci ne, shi ya sa matashi zai rubuta "mun rage asara" alhali shi kaɗai ya zauna ya tsara abin. Faɗin aikin da ka yi a inda aka tambaye ka bayani ne, ba yabon kai ba, kuma kamfanin kai kaɗai zai ɗauka ban da sauran 'yan shagon. Abin da ka yi kai kaɗai ka ce ka yi, abin da kuka yi tare ka faɗi rabonka a ciki.

Yanzu sai maganar kashi 40, kuma a nan zan daɗe, domin kullum sai an kawo wa masu tace takardun neman aiki takarda mai irin wannan ciwo. Mutane sun ji an ce a sa lambobi, sai suka ɗauka lambar ita ce hujja, ko daga ina ta fito. Wasu masu buga takardu a bakin manyan makarantu da kasuwanni suna da samfuri ɗaya a kwamfuta, suna da lambar waya kawai suke canzawa. Mai sayar da waya ya ƙara ciniki da kashi 40, malamar firamare ta ƙara cin jarrabawa da kashi 40, kai ma mai littafin kaya kashi 40. Mutumin da bai taɓa shiga shagonku ba, bai san ko katan nawa kuke sayarwa a rana ba, ina ya samo wannan lissafi? Ya karɓi kuɗin bugawa ya sallame ka, ranar intabiyu kai kaɗai za ka zauna a gaban mutane.

Kuma kama irin wannan ba ya buƙatar wani bincike. Za a ce maka: kashi 40 na me? Daga nawa zuwa nawa? A cikin wata nawa? Wa ya lissafa? Wanda ya yi aikin da gaske zai amsa ba tare da ya ɗaga kai sama ba, har ya ƙara da abin da ba a tambaye shi ba. Wanda aka rubuta masa kuwa a tambaya ta biyu zai fara kame-kame. Daga nan ba lambar kaɗai ta faɗi ba, shekara ukun da ka yi da gaske ma an daina yarda da su. Ka tuna aikin da kake nema: mai kula da sito, wato mutumin da za a damƙa wa mukulli da littafi a ce abin da ya rubuta shi ne gaskiya. Wane manaja ne zai ba da mukullin sito ga wanda ya ƙirƙiri lamba tun a layin farko na takardarsa? In ma ka tsallake intabiyu, akwai kiran wanda ka sa a matsayin mai shaidarka. Kano kuma duk girmanta, tsakanin masana'antun Sharada da 'yan sarin Singa ba nisa, kayan can ne ake saukewa a nan, kira ɗaya ya isa a ji labarinka daga bakin maigidanka. Wanda aka gano bayan an ɗauke shi kuwa, ba da bayanin ƙarya a takardar neman aiki dalili ne da ake sallamar ma'aikaci a kansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma abincin da za ka ci shekara da shekaru bai kamata a kafa shi a kan layin da kai kanka ka san ba haka ba ne.

Akwai ma wani kuskuren a cikin shawarar mai shagon kwamfutar, ko da a ce lambar gaskiya ce. Ciniki ba aikinka ba ne, kai littafi kake riƙewa, don haka ƙaruwar ciniki ba ta nuna komai game da kai. Sannan tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin kayan masarufi ya yi tashin da kowa ya gani, har shago zai iya samun kuɗin ciniki fiye da na da alhali katan ɗin da yake fitarwa ya ragu. Duk akantan da ke kan teburin intabiyu ya san haka. Shi ya sa ya fi maka ka ƙirga da katan, da buhu, da yawan rasiti, da kwanaki, domin su ba sa kumbura da tsadar kaya. Wannan kuma ya raba ka da tona sirrin maigidanka, don yawan kuɗin da ke shiga shagonsa ba naka ba ne da za ka baza a takarda.

Ko a lambar da ka tabbatar, ka fi son ainihin adadin a kan kashi cikin ɗari. Daga katan 15 zuwa 3 ragin kashi 80 ne, lissafin daidai yake, amma "kashi 80" a takarda yana kama da na shagon kwamfuta, "daga 15 zuwa 3" kuwa yana kama da na wanda ya tsaya a sito ya ƙirga. Inda ba ka da adadi daidai, koma cikin littattafan wata shida da suka wuce ka fitar da matsakaici, ka sa "kimanin" a gabansa. Inda babu abin ƙirgawa sam, amanar da aka ba ka ma hujja ce: wanda ake bar wa mukullin sito da littafin bashi in maigida ya tafi Umara ba ya buƙatar rubuta cewa shi mai amana ne.

Bayanin kansa kada ya wuce layi uku ko huɗu, hujja biyu ko uku sun isa, sauran su sauka ƙasa wajen tarihin aiki. Ka karanta tallar aikin ka ga abin da suka fara ambata, in ƙirgar kaya ce da Excel, su za su zo a gaba. Ga yadda ma'anarsa za ta kasance kafin ka mayar da shi Turanci: "Mai HND a fannin akanta, da shekara uku ina kula da littafin kaya iri 120 a shagon sari a kasuwar Singa. Na kawo tsarin rasiti mai lamba da ƙirgar ƙarshen wata, giɓin kaya ya sauka daga kimanin katan 15 zuwa 3 a wata. Ina tsara lodin 'yan dako huɗu da direbobi biyu kullum, na kuma koya wa ma'aikata biyu riƙe littafi a Excel." Wannan na ƙarshen sai in da gaske a kwamfuta kake yi. In littafin hannu ne, ka ce littafin hannu, domin wasu wuraren sukan zaunar da mai neman aiki a gaban kwamfuta su ce ya nuna.

Kafin ka tura, kai wa wanda za ka sa a matsayin mai shaidarka, ko maigidan ne ko babban yaron shagon, ka karanta masa layukan nan ɗaya bayan ɗaya. Duk lambar da ya ce haka ne, bar ta. Wadda ya yi jim a kanta, ku buɗe littafi ku duba tare, in ba ta fito ba ka cire ta. Sannan ka zauna kusa da mai bugawa har ya gama, ka karanta kafin ya fitar, kada ya ƙara maka ko kalma ɗaya daga samfurinsa. Allah ya sa a dace.