Mata biyu, ƙarancin jini iri biyu: yadda ake karanta MCV da RDW tare

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti. Mata biyu suka kawo sakamakon gwajin jini. Ta farko: Hb 9.6, RBC 4.1, MCV 72, RDW 18.4. Ta biyu: Hb 11.2, RBC 5.5, MCV 68, RDW 14.0. An ɗora su duka a kan maganin ayon, wato sinadarin ƙarfe na ƙarin jini. Ta farko ta samu sauƙi, ta biyu kuwa wata uku babu abin da ya motsa. Don Allah masu aikin ɗakin gwaji, me muka kasa gani?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Amsar tana cikin takardun nan tun kafin a rubuta maganin. Hb kaɗai aka duba aka wuce, kamar yadda aka saba yi idan layi ya yi tsawo.

Hb, wato yawan himogulobin, jan sinadarin da ke cikin ƙwayoyin jini, yana gaya miki ko jini ya yi ƙasa, amma ba ya faɗin dalili. MCV ne ke fara raba hanya, domin shi ne matsakaicin girman jajayen ƙwayoyin jini. A babban mutum ana sa ran ganinsa tsakanin 80 da 100 fL. Idan ya gaza 80, ƙwayoyin sun yi ƙanana, kuma kusan kullum matsalar tana wajen haɗa himogulobin: ko ayon ya ƙare, ko talasimiya ce ta gado, ko wata doguwar cuta ta hana jiki amfani da ayon ɗin da yake da shi. Idan ya haura 100, hankali sai ya koma kan ƙarancin bitamin B12 ko folik asid, ciwon hanta, giya, ko magani irin haidiroksiyuriya da ake ba masu sikila. Idan yana tsakiya, sai a yi tunanin zubar jini na kwanan nan, ciwon ƙoda, ko fashewar ƙwayoyi kamar yadda maleriya ke yi.

Matanki duka biyun suna rukunin farko, a nan ne RDW ke shigowa. Shi ba girma yake aunawa ba, bambancin girma yake aunawa, wato ko ƙwayoyin kansu ɗaya ko kuwa wasu manya wasu ƙanana. Yawancin injuna suna ɗaukar kimanin 11.5 zuwa 14.5 cikin ɗari a matsayin daidai, amma ki duba abin da injinku ya buga a gefe.

Ki tuna ƙwayar jini tana rayuwa kusan kwana 120. Mace mai yawan zubar jinin al'ada ba a rana ɗaya ayon ɗinta ke ƙarewa ba, a hankali yake tafiya. Ƙwayoyin da ɓargo ya yi wata uku da suka wuce sun fi na watan jiya girma, na watan jiya sun fi na wannan makon, kuma dukansu suna yawo tare a jijiya. Shi ya sa RDW ke tashi, sau da yawa ma tun kafin MCV ya faɗi. Mai ɗauke da talasimiya kuwa kamar mai buga bulo ne da ƙaramin mazubi: bulon ƙanana ne, amma kansu ɗaya, kuma yana buga su da yawa. RDW 18.4 na matar farko yana nuna ɓargon da kayan aiki ke ƙare masa. RDW 14.0 na ta biyu, ga MCV har 68, yana nuna haka aka halicce ta.

Sai ki dubi RBC, wato adadin jajayen ƙwayoyin, layin da aka fi mantawa da shi. Ta biyu ƙwayoyinta sun fi ƙanƙanta, amma jininta ya fi na ta farko yawa, adadin ƙwayoyin kuma 5.5 ne. Ƙarancin ayon ba ya cika yin haka. Akwai ɗan lissafi da ake kira ma'aunin Mentzer, ana yinsa a bayan takarda: ki raba MCV da RBC. Ta farko, 72 a raba da 4.1, ya ba da kusan 17.6. Ta biyu, 68 a raba da 5.5, kusan 12.4. Sama da 13 ya karkata ga ƙarancin ayon, ƙasa da 13 ya karkata ga talasimiya. Karkata na ce, ba hukunci ba, musamman idan lambar ta faɗo dab da 13.

Abin da zan nema wa ta biyu shi ne feritin, wato gwajin ayon ɗin da ke ajiye a jiki. Idan ya yi ƙasa da 15, ayon ya ƙare, babu gardama, sai a bincika ko tana shan maganin da gaske. Da yawa suna ajiye shi saboda tashin zuciya da taurin bayan gida, wasu kuma da shayi suke kora shi, shayi kuwa yana rage shigarsa jiki. Idan feritin ɗin lafiya lau ne, a tsayar da ayon, a yi gwajin nau'in himogulobin. Nau'in da ake kira HbA2 idan ya haura kimanin 3.5 cikin ɗari yana nuna talasimiyar beta. Amma a Afirka ta Yamma talasimiyar alfa ta fi yawa, ita kuma gwajin jinotayif da muka saba yi ba ya kama ta, AA zai fito tsaf. Kada wannan ya sa a ce ba ta da komai a mayar da ita kan ayon. Ki kuma kiyaye, feritin yana tashi idan akwai zazzaɓi ko kumburi, don haka ba a yarda da shi a wajen wanda maleriya ke kansa.

Ta farkon ma aiki bai ƙare ba. Ƙarancin ayon alama ce, sai an gano inda jinin ke tafiya: al'ada, haihuwa kusa da kusa, tsutsar ciki mai shan jini, ko tsargiya. Idan da namiji ne ko dattijuwar da ta daina al'ada, da zubar jini a hanji za a fara zargi. Idan kun maimaita gwajinta kun ga RDW ya ƙara tashi bayan fara magani, kada ki firgita. Sabbin ƙwayoyi masu cikakken girma ne suka shiga cikin tsofaffin ƙanana.

Inda na fi ganin amfanin RDW ma ba a irin matanki ba ne. An taɓa kawo mana jinin wata mai jego, idonta fari fat, amma MCV 86, ras a tsakiya. RDW kuwa ya haura 21. Na shafa jinin a gilashi na duba a madubin ƙara girma, sai ga jama'a biyu a fili ɗaya: ƙanana koɗaɗɗu masu faffaɗan fari a tsakiya, da manya masu siffar ƙwai, ga kuma fararen ƙwayoyi da cibiyarsu ta rabu gida shida. Ayon da folik asid ne suka ƙare mata tare, injin ya haɗa ƙanana da manya ya fitar da matsakaici. Duk lokacin da kika ga MCV daidai amma RDW ya yi sama, ki nemi a duba gilashi.

Lambobin nan kuma suna yin ƙarya idan ba a kula ba. Jinin da ya kwana a kwalba cikin zafi ƙwayoyinsa suna kumbura, MCV ya ƙaru. Wanda aka ƙara wa jini kwanan nan, ƙwayoyin mutum biyu kike aunawa, don haka a ɗebi samfur kafin a rataya leda. Yara kuma ba a auna su da ma'aunin manya: ɗan shekara ɗaya mai MCV 74 yana iya zama lafiyarsa ƙalau.

Idan ta tabbata matar ta biyu mai ɗauke da talasimiyar beta ce, a gwada mijinta. Idan shi AS ne, za su iya haifar yaro mai wani nau'in sikila, ko da takardarta ta ce AA.