Hukuncin tikitin jirgi mai araha da bai haɗa da kaya, zaɓen kujera da sauya rana ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na sayi tikitin Umara daga Kano zuwa Jidda, ni da Hajiyarmu, a hannun wani ejan. Na ce ya nema mana mafi araha, ya samo a naira dubu 800 kowane mutum. Sai a filin jirgi, wurin awon kaya, aka ce tikitinmu ba shi da kaya, jakar hannu ta kilo 7 kawai aka yarda mana. Na biya dubu 70 a kan kowane akwati. A cikin jirgi aka raba mu, Hajiya tana gaba ina can baya. Da ta ɗan yi rashin lafiya a Madina na nemi a ɗaga ranar dawowa, aka ce sai na sake biya. Shin wannan ciniki halal ne? Kuma ina da haƙƙi a kan ejan ɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya karɓi ibadarku, ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Tikitin jirgi haya ce, abin da malaman fiƙihu suke kira ijara. Ka yi hayar kamfani ya ɗauke ka daga gari zuwa gari a ranar da aka ambata. Sharaɗin ingancin haya shi ne a san kuɗi, a kuma san amfanin da aka biya kuɗin dominsa. Tun zamanin da ake zuwa aikin Hajji a kan raƙuma malamai suka sharɗanta a san nauyin da dabba za ta ɗauka, domin hayar ɗaukar mutum shi kaɗai daban take da ta mutum da kayansa. Saboda haka idan kamfani ya ce wannan farashi na ɗaukar mutum ne da jakar hannunsa, akwati kuma da nasa kuɗin, bai saɓa wa shari'a ba. Amfani ne guda biyu, kowanne da farashinsa, kuma Allah ya halatta kasuwancin da aka yi bisa yardar juna, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 29.

Abin da aka haramta shi ne garari, wato ciniki a kan abin da ba a san haƙiƙaninsa ba. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari. To tambayar da hukunci ya rataya a kanta ita ce: an bayyana abin da aka cire kafin a karɓi kuɗi, ko ba a bayyana ba? Idan an rubuta shi a shafin da ake saye, mai saye ya danna cewa ya yarda, sharaɗin ya hau kansa ko da bai tsaya ya karanta ba, domin Musulmi suna kan sharuɗɗansu, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito. Ɗauko takardar tikitinka ka duba wurin da aka ware wa kaya. Idan ka ga `0PC` ko `NIL`, babu akwati ko ɗaya. `1PC` akwati ɗaya ne, galibi mai nauyin kilo 23, `2PC` kuma biyu. Haruffa uku ne a lungun takarda, kuma raina yana ɓaci idan na ga yadda ake ƙanƙanta su alhali farashin an rubuta shi da manyan lambobi. Duk da haka, tsakaninka da kamfani cinikin ya inganta, kuɗin akwatin da ka biya ba a zalunce ka a kansa ba.

Maganar ejan ita ce mai nauyi, domin kai ba ka ga shafin ba, shi ya gani. Wakilinka ne da ke cin lada, amana ce a wuyansa. Da a ce ka gaya masa kana son tikiti mai kaya ya sayo maka marar kaya, ya saɓa wa wakilci, kuɗin akwatunan da ka biya duka shi zai biya. Haka nan idan ka tambaye shi ya ce akwai kaya alhali ya san babu. Amma kai mafi araha ka nema, shi kuma ya yi shiru. A fahimtata shirun nan bai kuɓutar da shi ba. Mutanenmu sun saba tikitin Jidda yana zuwa da kaya, babu mai zuwa Umara da tsohuwa ya dawo da jakar hannu kaɗai, ga dabino, ga tsarabar jikoki. Abin da aka sani a al'ada kamar an sharɗanta shi yake, sai an faɗi saɓaninsa a fili. Annabi (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Mai abincin nan ma bai furta ƙarya ba, ɓoyewa ya yi.

Ga yadda nake ganin za a yi lissafin. A ce tikiti na gaba da naku, mai akwati, dubu 850 ne a ranar da aka saya. Da ya faɗa maka, da ƙarin dubu 50 za ka yi wa kowane mutum, dubu 100 ke nan ku biyu. Wannan kuɗin dole ka kashe shi ko an faɗa ko ba a faɗa ba, ba za ka ɗora masa ba. Abin da shirunsa ya jawo maka shi ne rarar, wato abin da ka biya a filin jirgi a tafiya da dawowa ka cire dubu 100. Idan dubu 140 ka biya a Kano a kan akwati biyu, ka sake biyan irinta a Jidda, dubu 280 ke nan, asararka dubu 180. Ita za ka nema a wurinsa ta hanyar sulhu, in ya tabbata ya sani ya ƙi faɗa. In shi ma bai lura ba, ya yi sakaci a sana'arsa, ya kyautu ku raba asarar.

Batun kujera mai sauƙi ne. Kamfani ya ɗauki alkawarin ba ka wurin zama, bai ce wane ba, kuma halal ne ya sayar da zaɓen. Kasancewarka a jirgi ɗaya da Hajiya ya wadatar a matsayin muharrami. Idan tana buƙatar mai kama mata hannu, ka biya kuɗin kujeru biyu tun farko, ko ka roƙi ma'aikatan jirgi su nema muku musaya da yardar mai kujerar.

Sauya rana kuma, haya ƙulli ne mai lazimta, ɓangare ɗaya ba ya warware shi shi kaɗai. Allah ya ce a cika alkawura a farkon Suratul Ma'ida. Kujerar da aka ajiye maka a ranar an hana ta wani. Don haka abubuwa biyun da ake karɓa, kuɗin sauyi da bambancin farashin sabuwar rana, duk sun halatta idan an bayyana su a sharuɗɗa. Kamfanin da ya yafe wa marar lafiya ya yi abin da hadisi ya kwaɗaitar a kan karɓar uzurin mai son fasa ciniki, amma ba a tilasta shi. Ka kai musu takardar asibiti ka nema. Kuma kada ka bari jirgi ya tashi ba ka sanar ba, domin a yawancin kamfanoni wanda bai zo ba ana soke masa sauran zangon tafiyarsa. Idan jirgi ya tafi ba a hau ba, ka nemi kuɗin harajin filin jirgi da ke cikin tikitin, sau da yawa ana mayar da shi ko a tikitin da ba a mayar da kuɗinsa.

Ba ka tambaya ba, amma na san ana yi: bai halatta a danƙa wa mai awo wani abu don ya kau da kai daga kilo biyar na ƙari ba. Cin hanci ne, kuma cin haƙƙin kamfani ne. Ruwan Zamzam kuma, kwalin lita 5, ka tambayi kamfani a rubuce ko yana cikin tikitin kafin ka biya.

Allah ne mafi sani.