Rajistar marasa lafiya a kwamfuta: yadda za ta fitar da ƙidayar wata da kanta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce mai kula da rikod a wani ƙaramin asibiti a ƙaramar hukumar Argungu. Muna shigar da marasa lafiya a Excel, kowane wata da shafinsa, amma duk ƙarshen wata sai na zauna na ƙirga maleriya, gudawa da sauransu ɗaya bayan ɗaya kafin in cike fom. Kuma adadina ba ya dacewa da na rajistar takarda, har an fara yi mini kallon mai ƙirƙirar lambobi. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, gyaran na yini ɗaya ne, amma sai kin yarda kin rushe tsarin nan na shafi ɗaya ga kowane wata. Ki buɗe shafi guda, ki riƙa zuba komai a cikinsa daga Janairu har Disamba. Layin farko na kanun kolum ne kawai: babu sunan asibiti a sama, babu haɗe akwatuna, babu layin jimla a tsakiya. Kolum bakwai sun isa: `Rana`, `Kati`, `Jinsi`, `Rukuni`, `Cuta`, `Gwaji`, `Zuwa`. Ki danna cikin bayanan ki latsa `Ctrl+T`, sannan a `Table Name` ki sa masa suna `Rajista`. Daga nan duk layin da aka ƙara a ƙasa yana shiga lissafi da kansa. Sunan marar lafiya ya zauna a rajistar takarda da katinsa, lambar kati ta wadatar a kwamfutar da kowa ke taɓawa.

Inda ɓarnar take shi ne kolum ɗin `Cuta`. Mutane sun ɗauka cewa tunda mai duba marar lafiya ya rubuta abu a kati, aikin mai rikod shi ne ya kwafe shi yadda yake. Wannan kuskure ne, kuma shi ke lalata rahoton asibitoci da yawa. Yau an rubuta `Malaria`, gobe `Mal`, jibi `MP+`, wani ya zo aikin dare ya rubuta `maleria`. A idonki duk cuta ɗaya ce, a wurin Excel cututtuka huɗu ne. Ko tazara guda da aka bari bayan kalmar, wadda ido ba ya gani, ta isa ta fitar da layin daga ƙidaya. Mafi muni shi ne cusa cuta biyu a akwati ɗaya, kamar `Malaria/Diarrhoea`. Yaron da aka rubuta wa haka ba zai fito a maleriya ba, ba zai fito a gudawa ba, alhali an ba shi maganin duka biyun.

Sai kuma masu gyaran kwamfuta na bakin kasuwa, waɗanda za su ce miki abu ne mai sauƙi, ki sa tauraro gaba da baya, wato `*malaria*`, ya kwaso duk inda kalmar ta fito. Zai kwaso kuwa! Zai haɗa mai tsanani da marar tsanani, ya haɗa da `R/O malaria` wanda zato ne kawai ake son a kore, har da wanda aka rubuta `malaria negative`. Adadin zai kumbura, a tura shi ƙaramar hukuma, a shigar da shi DHIS2, manhajar da gwamnati ke tara bayanan lafiya a ciki, kuma da irin wannan adadi ake auna maganin da kayan gwajin da za a aiko muku. Ranar da masu duba ingancin bayanai suka zo suka ga waɗanda aka ce suna da maleriya sun fi waɗanda gwajinsu ya nuna, ba mai gyaran kwamfutar za a tsare da tambaya ba, ke ce.

Maganin shi ne a hana kowa rubuta cuta da hannunsa. Ki buɗe shafi na biyu, ki jera cututtukan daidai yadda suke a fom ɗin NHMIS na ƙarshen wata, ki ƙara `Others` a ƙarshe. Ki koma kolum ɗin `Cuta`, ki shiga `Data`, `Data Validation`, ki zaɓi `List`, ki nuna masa jerin nan. Yanzu zaɓa ake yi, ba rubutawa ba. Sai dai ki gargaɗi abokan aiki: kwafo abu daga wani wuri a manna yana tsallake wannan shinge.

Ƙa'ida ta biyu, cuta ɗaya layi ɗaya. A ce ranar 3 ga Satumba 2024 an kawo yarinya 'yar shekara biyu mai kati lamba 1184, gwajin RDT ya nuna maleriya, kuma tana gudawa. Layi biyu za ta samu, rana ɗaya, kati ɗaya. A layin farko ki sa 1 a kolum ɗin `Zuwa`, a na biyu ki sa 0. Ta haka jimlar `Zuwa` ke ba ki yawan waɗanda suka zo asibiti, yawan layuka kuma ya ba ki yawan cututtuka. Idan a watan an samu layi 340 amma `Zuwa` ya ba da 300, ba kuskure ba ne, cututtuka 40 ne suka zo a matsayin na biyu ko na uku.

A kolum ɗin `Rukuni` kada ki rubuta `<5`, domin dabarar ƙidaya za ta ɗauke shi umarni ne na "ƙasa da biyar", ta ba ki sifili. Kada kuma ki rubuta `1-4`, Excel zai mayar da shi kwanan wata. Ki yi amfani da `Kasa5` da `Sama5`, ko ki ƙara rukunai gwargwadon yadda fom ɗinku ya raba shekaru.

A shafi na uku ki jera cututtukan a kolum A daga layi na biyu, ki sa ranar farko ta watan da kike so a `B1`, sannan a `B2`:

```
=COUNTIFS(Rajista[Cuta],$A2,Rajista[Rukuni],"Kasa5",Rajista[Rana],">="&$B$1,Rajista[Rana],"<"&EDATE($B$1,1))
```

Ki ja shi ƙasa, ki yi irinsa a kolum na gaba da `Sama5`. Wata mai zuwa `B1` kawai za ki canza. Masu son `PivotTable` su sani cewa ba ya ganin sababbin layuka sai an danna `Refresh`.

Saura kwanan wata, kuma ina kyautata zaton nan ne wani ɓangare na saɓaninki ya fito. Kwamfutoci da yawa suna zuwa da tsarin Amurka, inda wata ke gaba da rana. Kin rubuta `03/09/2024` kina nufin 3 ga Satumba, ita ta karanta 9 ga Maris. Kin rubuta `13/09/2024`, ta ga babu wata na 13, sai ta ajiye shi a matsayin rubutu zalla. Sakamakon haka mafi yawan kwanakin 1 zuwa 12 sun watse cikin wasu watanni, na 13 zuwa 30 kuma ba a ƙirga su sam. Alamar ita ce ainihin kwanan wata yana jingina dama a akwati, na bogi yana jingina hagu. Ki shiga `Region` a saitin kwamfutar ki mayar da shi `English (United Kingdom)`, ki kuma saba da latsa `Ctrl+;` wanda ke sa ranar yau. Canza saitin ba ya gyara tsofaffin layuka, waɗannan sai an bi su da rajistar takarda.

Kafin ki sa hannu a fom, ki tara duk adadin da ke shafi na uku ki gwada da yawan layukan watan, wanda za ki samu da dabarar nan idan kin cire sharaɗin cuta da na rukuni. In sun bambanta ko da ɗaya ne, ki danna kibiyar da ke kan `Cuta` da `Rukuni`, baƙon rubutu ko akwatin da aka bari fanko zai fito a jerin. Sannan ki ɗauki kwana biyu ko uku daga watan, ki ƙirga su a rajistar takarda ki gwada da jimlar `Zuwa` ta waɗannan ranaku, domin takardar ce masu duba aiki za su buɗe in sun zo.