Kama da Wane ba Wane ba ne: harafin da ake liƙa wa shekara a manazarta

Tambaya: "Malam, ina rubuta kundin digirina, kuma na yi amfani da ayyuka uku na marubuci guda, dukansu na shekarar 2018. Mai duba aikina ya ce in sa musu a, b, c, amma bai faɗa mini wanne zai ɗauki a ba. Shin harafin nan shi ma ɗafa-ƙeya ne? Kuma bayan b sai in sa ɓ, tunda da Hausa nake rubutu?"

Amsa: Bari in fara da sunan, domin shi ne mafi sauƙi. A nahawun Hausa, ɗafa-ƙeya ɗafi ne da ake liƙa wa saiwar kalma daga baya domin ya sauya mata ma'ana ko aji, kamar yadda ake samun "Hausanci" daga "Hausa". Harafin da ke bin shekara kuwa ba ya sauya wa shekarar komai, domin 2018a da 2018b duk shekara guda ce. Saboda haka ni na fi son a kira shi harafin bambancewa, a bar ɗafa-ƙeya ga ƙirar kalma.

Aikinsa kuwa karin maganar nan ce ta fayyace shi, wato "Kama da Wane ba Wane ba ne." Kalmar "Wane" ita Bahaushe ke sawa a madadin sunan namijin da ba ya son ambata, ta mace ita ce "Wance", jam'i kuma "su Wane", kuma abin da karin maganar ke nufi shi ne kamanni ba ya mayar da abu biyu su zama ɗaya. Idan ka rubuta (Wane, 2018) a shafi na goma, ka sake rubuta (Wane, 2018) a shafi na arba'in alhali wani aikin daban kake nufi, to mai karatu da ya juya zuwa manazarta zai tarar da ayyuka uku masu suna ɗaya da shekara ɗaya, ya rasa wanda zai ɗauko. Harafin ne kaɗai yake raba masa su.

A tsarin rubuta manazarta na APA, wanda bugunsa na bakwai ya fito a 2019, taken aiki ne yake yanke hukunci. Ana jera ayyukan bisa abacada na takensu, sannan a raba musu ƙananan haruffa daga sama zuwa ƙasa, a liƙa harafin ga shekara ba tare da tazara ba. Tsarin Chicago mai suna da shekara shi ma haka yake yi. Wasu jami'o'in da ke bin tsarin Harvard sukan ba da a ga aikin da aka fara ambata a cikin rubutu, don haka ka duba jagoran sashenku kafin ka fara, domin haɗa hanyoyin biyu a kundi guda shi ne kuskuren da na fi yawan gani a ayyukan ɗalibai.

Mu ɗauka ayyukan Wanen naka su ne "Ƙagaggun labarai na farko", da "Kirarin maharba da sigoginsa", da "Ɗafa-goshi a sunayen sana'a". A abacadan Hausa ɗ tana bin d, ƙ kuma tana bin k, kowace harafi ce mai cin gashin kanta. Ke nan "Ɗafa-goshi" ne zai zama 2018a, "Kirarin maharba" ya zama 2018b, "Ƙagaggun labarai" ya zama 2018c, ko da kuwa shi ka fara ambata a babi na ɗaya, ko shi ne ya fi girma a cikinsu. A cikin rubutu, idan ka haɗa biyu a wuri guda, sai ka rubuta sunan sau ɗaya, ka maimaita shekarar: (Wane, 2018a, 2018c). Ba a rubuta (Wane, 2018a, c) a tsarin APA.

Wannan misali na zaɓe shi ne da gangan, domin a nan lanƙwasa take nuna nauyinta. Ɗalibin da ya buga rubutunsa ba tare da lanƙwasa ba zai rubuta "Kagaggun", kuma da yake "ka" tana gaban "ki", sai aikin ya tsallake "Kirarin maharba" ya karɓe masa b. Daga baya idan aka gyara rubutun aka mayar da ƙ, sai jerin ya sauya, amma haruffan da aka riga aka warwatsa a cikin babi-babi su tsaya yadda suke. Na taɓa duba wani kundi inda ɗalibi ya jingina bayanin kirari ga aikin da babu kirari ko ɗaya a cikinsa, kuma da muka bi sawu sai muka tarar asalin ɓarnar ke nan. Kwamfuta ma ba abin dogaro ba ce a wannan wuri, domin wasu manhajoji sukan tura ɓ da ɗ da ƙ can bayan z, wasu kuma su ɗauke su tamkar b da d da k. Sai ka bi jerin da idonka.

Akwai wani tarko makamancin wannan. Ƙa'idar APA ta ce a tsallake "a" da "an" da "the" idan su ne farkon take, to amma waɗannan na Ingilishi ne. Taken Hausa irin su "A kula da lanƙwasa" ko "An sauya wa kalma gida" da kalmomin Hausa masu ma'ana suka fara, don haka a ƙarƙashin a za a jera su, ko da manhajar da aka tsara domin Ingilishi ta yi ƙoƙarin tsallake su. Haka nan a ganina ba a tsallake "wani" da "wata" da "wasu".

Game da ɓ kuwa, amsata ita ce a'a. Abacadan Hausa ta yi aikinta wajen jera taken, amma harafin bambancewa alama ce ta lissafi da masu nazari a ko'ina suka saba da ita, don haka bayan b sai c, bayan d sai e. Wanda ya ga 2018ɓ zai ɗauka kuskuren bugu ne, kuma ranar da wani ya kwafi aikinka lanƙwasar ta faɗi, sai a wayi gari da 2018b guda biyu, wato an koma gidan jiya.

Ƙa'idar take tana da iyaka a wurare kaɗan. Idan ayyukan kashi-kashi ne na aiki guda, kamar littafi na ɗaya da na biyu da na uku, to lambar kashin ake bi, ko da abacada ta ce "biyu" tana gaban "ɗaya". Idan kuma ayyukan suna ɗauke da wata da rana a manazarta, kamar maƙalun jarida, APA ta ce a fara da mai shekara kaɗai, sannan a bi sauran bisa kwanan wata, ta yadda na watan Maris zai riga na Oktoba samun harafi. Aikin da ba shi da shekara ana raba shi da harafinsa da karan ɗori, kamar `n.d.-a` da `n.d.-b`. Sannan ba a sa harafi sai marubutan sun zama ɗaya sak kuma a jeri guda: aikin da Wane ya rubuta shi kaɗai da wanda ya rubuta tare da Wance ba sa bukatar harafi ko da shekararsu ɗaya, domin sunan Wance ya riga ya raba su.

Shawarata ta aiki ita ce kada ka raba haruffan tun yanzu. Yayin da kake rubutu, riƙa sa kalmar farko ta take a gefen shekara, kamar (Wane, 2018, Kirari), domin idan ka gano aiki na huɗu mai taken da ya fara da b a makon ƙarshe, duk haruffan ukun za su matsa gaba. Sai manazarta ta kammala sannan ka jera taken, ka raba haruffan, ka nemo kowane 2018 a cikin kundin ɗaya bayan ɗaya ka musanya kalmar da harafinta, kana duba cewa kowane harafi da ke cikin rubutu yana da takwaransa a manazarta.